Yaro Mai Laba 30: Sauya Ma'auni a Fassarar Takardun Asibiti

Takardun lafiya da dama da ake mayarwa Hausa, a Amurka aka rubuta asalinsu. Akwai bayanin da ake liƙa wa kwalbar maganin yara, akwai 'yar ƙasidar da ake miƙa wa mai jego ranar sallama, akwai kuma wadda ke koya wa iyaye yadda za su kula da yaro mai zazzaɓi a gida. Wasu ana fassara su ne don Hausawan da ke zaune can, wasu kuma masu aikin agaji ke kawo su nan. To, Ba'amurke da laba yake auna nauyi, zafin jiki kuma da ma'aunin Faranhait. A Kano da Maraɗi da Kumasi kuwa, sikelin asibiti kilo yake nunawa, tamomita kuma Salshiyas. Duk wanda ya zauna fassara irin wannan takarda, ko ya so ko ya ƙi, sai ya yi lissafi.

Lissafin kansa ba shi da wuya, ɗan firamare ma zai iya. Wahalar tana wani wuri. Lamba a takardar asibiti kan iyaka ce: ƙasa da ita a ba yaro ƙwaya ɗaya, sama da ita a ba shi biyu, ƙasa da ita a kwana a gida, sama da ita a tafi asibiti cikin dare. Wanda ya sauya lambar bai tambayi aikin da take yi ba, yana iya matsar da iyakar bai sani ba, kuma Hausarsa ta fita tsaf ba wanda zai ga aibi.

Bari mu ɗauki takarda guda mu bi ta, wadda ke bayani a kan zazzaɓin yara, mu ɗauki yaro guda kuma, ɗan shekara uku, wanda aka rubuta nauyinsa 30 lb. Waɗannan haruffa biyu, lb, su ne alamar laba. Tun 1959 ƙasashen da ke amfani da laba suka amince cewa laba ɗaya daidai take da kilo 0.45359237. A aikace ana cewa kilo ɗaya laba 2.2 ne, sai a raba adadin laba da 2.2. Yaron namu ke nan kilo 13.6 gare shi.

Kuskuren da ya fi kowanne muni shi ne a bar lambar yadda take, a sauya sunan ma'aunin kawai. Ba mai fassara kaɗai ke yin sa ba. Uwa ta zo hutu da ɗanta daga Amurka, zazzaɓi ya kama shi, malamar asibiti ta tambayi nauyinsa, uwar ta ce talatin, aka rubuta kilo 30. Farasitamol na yara bisa nauyi ake ba da shi, miligiram 10 zuwa 15 a kan kowane kilo a sha ɗaya. Yaro mai kilo 13.6, iyakar abin da zai sha a lokaci guda bai wuce miligiram 200 da 'yan kai ba. Idan aka lissafa masa da kilo 30, za a ba shi har 450. A yi haka sau huɗu a yini, ya sha miligiram 1800, wato kusan 130 a kan kowane kilo na jikinsa, alhali likitoci ba sa so a wuce 60 zuwa 75 a yini. Farasitamol idan ya yi yawa hanta yake ɓatawa, kuma ba nan take alamar ke fitowa ba. Yaron na iya wuni da ɗan amai kawai, sai bayan kwana biyu ko uku ɓarnar ta bayyana. Irin wannan ne ya sa hukumomin kula da ingancin asibitoci a Amurkar kanta suka daɗe suna nacin a riƙa auna yara da kilo, a rubuta da kilo, ko da iyayensu laba suka sani.

Ana gane wannan kuskure ba tare da kalkuleta ba, muddin mutum ya san yara. Jariri sabon haihuwa wajen kilo 3 yake. Ɗan shekara ɗaya yana kai 9 ko 10. Kilo 30 nauyin ɗan shekara tara ko goma ne. Idan fassara ta ce an haifi jariri mai kilo 7, ko ɗan shekara uku ya kai kilo 30, ba sai an dubi asali ba, laba ce ta sa rigar kilo.

Kuskure na biyu ya fi wayo, domin mai yin sa ya san akwai bambanci, ya dai nemi sauƙi ne. Sai ya ce a raba biyu kawai, ai kusan ɗaya ne. Laba 30 ta zama kilo 15 maimakon 13.6. Ga mai sayen buhun shinkafa wannan ba wani abu ba ne. Amma a dubi maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi sha a ƙasashenmu, haɗin atimita da lumifantirin. Rukuni-rukuni ake ba da shi: daga kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya ɗaya a kowane sha, daga 15 zuwa ƙasa da 25 ƙwaya biyu, daga 25 zuwa ƙasa da 35 uku, daga 35 zuwa sama huɗu, sau biyu a yini har kwana uku. Yaronmu mai kilo 13.6 ɗan rukunin farko ne. Wanda ya raba biyu ya tsallakar da shi rukuni na biyu, ya ninka masa magani. Idan dole sai an yi lissafin ka, a raba biyu sannan a cire kashi ɗaya cikin goma na abin da aka samu: rabin 30 shi ne 15, a cire 1.5, saura 13.5. Wannan ya isa a duba ko amsar kalkuleta tana kan hanya. Ba shi ne za a rubuta a takarda ba.

Yanzu mu shiga teburin magani da ke jikin takardar, don nan ne mai fassara ke shan gumi. Kwalbar farasitamol na yara a Amurka, inda suke kiransa asitaminofen, tana cewa yaro mai laba 24 zuwa 35 ya sha mililita 5, mai laba 36 zuwa 47 ya sha 7.5, mai laba 48 zuwa 59 ya sha 10. A laba, layukan sun haɗu baki da baki, domin iyaye a can cikakkiyar lamba suke faɗa, ba wanda zai ce ɗansa laba 35 da ɗigo kaza. Da an mayar kilo sai abin ya tsage. Laba 35 kilo 15.9 ce, laba 36 kuma kilo 16.3. Uwar da sikelin asibiti ya nuna mata 16.1 za ta nemi ɗanta a teburin ta rasa. Idan mai fassara ya ce bari ya share ɗigon ya bar cikakkun lambobi, layin farko zai zama 11 zuwa 16, na biyu 16 zuwa 21, sai yaro mai kilo 16 ya faɗa layi biyu a lokaci ɗaya. Layi na uku kuma zai fara daga 22, mai kilo 21 da rabi ya rasa wurin zama.

Maganin wannan a rubutu shi ne salon da aka bi a wancan maganin na cizon sauro, wato “daga kaza zuwa ƙasa da kaza”, yadda kowane nauyi zai samu layi ɗaya tak. Sai dai zaɓar inda za a yanke, a 16 ko a 16.3, ba aikin mai fassara ba ne. Hukunci ne na magani, na likita ko masanin haɗa magunguna. Abin da ke wuyan mai fassara shi ne ya ga ramin, ya nuna wa wanda ya ba shi aikin, ya ƙi miƙa teburi mai rami. A ganina mai fassarar da ya mayar da takarda da tambaya biyu a gefe ya fi wanda ya miƙa ta sumul kafin wa'adi.

Akwai kuma abin da ba ma sauyin ma'auni ba ne, amma yana ɓuya a bayansa. Mililita 5 ɗin nan an rubuta ta ne don maganin Amurka, mai miligiram 160 a kowace mililita 5. Ruwan farasitamol da aka fi samu a kemis a Nijeriya miligiram 120 ko 125 ne a mililita 5. Idan aka fassara teburin daidai, laba ta koma kilo ba kuskure, amma aka bar layin da ya faɗi ƙarfin maganin a can ƙasa da ƙananan haruffa, yaronmu zai sha miligiram 120, ƙasa da 9 a kan kowane kilo, bai ma kai ƙaramin ƙa'ida ba. Zazzaɓi ya ƙi sauka, uwa ta ce maganin jabu ne, ko ta ƙara masa da ka. Dole ƙarfin maganin ya hau saman teburin da manyan haruffa, tare da gargaɗin cewa idan lambar da ke kan kwalbarki ba ita ba ce, wannan teburi ba naki ba ne.

Wani wuri kuma lissafin juyawa yake yi. Idan takarda ta ce a ba da miligiram 5 a kan kowace laba, hannu zai yi saurin rabawa da 2.2, tunda haka aka saba. Amma kilo ya fi laba nauyi, saboda haka rabon kowane kilo ya fi yawa: ninkawa za a yi, a samu miligiram 11 a kan kowane kilo. Wanda ya raba zai rubuta 2.3, kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da ake nufi. Hanyar kama shi ita ce a gwada da yaro guda ta hanya biyu. Laba 30 sau 5, miligiram 150. Kilo 13.6 sau 11, shi ma kusan 150. Idan amsoshin biyu ba su haɗu ba, akwai inda aka kauce.

Nauyin jarirai na da nasa tarkon. Ana rubuta shi laba da oza, misali 7 lb 8 oz, kuma oza 16 ke cikin laba, ba 10 ba. Oza 8 rabin laba ce, wato 7.5, kilo 3.4. Wanda ya buga 7.8 a kalkuleta zai samu fiye da kilo 3.5. A nan bambancin kaɗan ne, amma kusa da kilo 2.5, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa don gane jaririn da aka haifa da ƙarancin nauyi, yana iya sauya yadda za a kula da jariri. Mai laba 5 da oza 6 kilo 2.44 ne, yana ƙasa da iyaka. A buga 5.6, sai ya fito kilo 2.54, ya haye.

Sai zafin jiki. Nan lissafin ya bambanta da na nauyi, domin ma'aunan biyu ba daga wuri ɗaya suka fara ƙirga ba. A ma'aunin da Daniel Gabriel Fahrenheit ya fitar a 1724, ruwa na daskarewa a digiri 32, yana tafasa a 212. A wanda aka sa wa sunan Anders Celsius na ƙasar Suwidin, wanda ya gabatar da nasa a 1742, yau ruwa na daskarewa a sifili, yana tafasa a 100. Tazarar da ɗaya ya raba gida 180, ɗayan ya raba ta gida 100. Don haka aiki biyu ne, a cire 32 tukuna, sannan a raba da 1.8:

C = (F − 32) ÷ 1.8

Yaro mai 102°F, a cire 32 saura 70, a raba da 1.8, ya zama 38.9°C. Matafiya suna da gajeriyar hanya, a cire 30 a raba biyu, kuma tana yi musu aiki wajen sanin ko za su sa rigar sanyi. A gwada ta a kan yaro mai 104°F: a cire 30 saura 74, rabinsa 37. Ta ce lafiyarsa ƙalau. Gaskiyar lissafi kuwa digiri 40 ne, jikinsa ya yi rau. Tsakanin lafiya da zazzaɓi mai tsanani digiri uku ne kacal a Salshiyas, kuma daidai wannan ukun gajeriyar hanyar ke cinyewa.

Abin da na fi so mai fassara ya riƙe shi ne tambayar daga ina lambar ta fito. Takardun Amurka cike suke da 98.6 da 100.4, lambobi masu ɗigo da ke sa mutum ya ɗauka an yi awon ƙwaƙƙwafi. Alhali su ma fassara ce. Wani likita Bajamushe a birnin Leipzig, Carl Wunderlich, ya wallafa littafi a 1868 inda ya tsayar da digiri 37 a matsayin matsakaicin zafin jikin mai lafiya, ya kuma ɗauki 38 a matsayin mafarin zazzaɓi. Da aka mayar da su Faranhait suka zama 98.6 da 100.4. Mai fassara da ya gamu da su, mayar da su gida kawai zai yi, 37 da 38. Amma idan takarda ta ce 101°F, wannan asalinta Faranhait ce, kuma 38.3 za a rubuta. A share ɗigon a ce 38, an sauko da iyakar. A 103°F kuma, wadda take 39.4, haka abin yake. Ɗigo ɗaya bayan lamba shi ne abin da tamomita ke nunawa, kuma shi ya dace. A rubuta 38.33 kuwa ƙarya ce ta wani gefen, domin ba uwar da na'urarta za ta nuna mata haka.

Haka batun ajiya yake. Allurar rigakafi da insulin ana ajiye su tsakanin 2°C da 8°C. Amurkawa sun mayar da wannan 36°F zuwa 46°F bayan sun share ɗigo. Mai fassarar da ya bi kalkuleta zai dawo da 2.2 zuwa 7.8, lambobin da ba mai kula da firjin rigakafi a Sakkwato ko Damagaram da ya taɓa ji. Abin da aka koya masa 2 zuwa 8 ne, kuma shi ne asalin.

Idan maganar ta ƙari ce ko ragi, ba a cire 32 ɗin. Takarda na iya cewa a kira likita idan zafin ya ƙaru da digiri 2 na Faranhait. Wannan tazara ce, rabawa da 1.8 kawai ake yi, a samu digiri 1.1. Wanda ya bi cikakkiyar ƙa'idar zai samu 16.7 ƙasa da sifili, kuma alhamdulillahi wannan ba ya ɓoyuwa. Wanda ke wucewa shiru shi ne a bar 2 ɗin a sa mata Salshiyas, a sa uwa ta jira kusan ninkin abin da aka ce.

Ko an gama duk wannan, da sauran magana ɗaya a kan zafi: a ina aka sa tamomitar? Takardun Amurka kan ce jaririn da bai kai wata uku ba, idan zafinsa ya kai 100.4°F, a kai shi asibiti nan take, kuma awon da suke nufi na dubura ne. A asibitocinmu a hammata aka fi sa wa yara, awon hammata kuwa yakan fito ƙasa da na dubura da kusan rabin digiri. Shi ya sa a tsarin kula da cututtukan yara na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ake koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci, yaro ɗan wata biyu zuwa shekara biyar ana ɗaukarsa mai zazzaɓi daga 37.5 a hammata. Mai fassarar da kunya ta sa ya tsallake kalmar dubura, ko ya lulluɓe ta da “a auna jikinsa”, ya bar 38 tsirara, kuma uwar da ta ga 37.7 a hammatar jaririnta za ta koma barci. Hausa ba ta rasa yadda za a faɗi wurin cikin ladabi ba, kuma sai an faɗe shi.

Cokali kuwa, gara a rabu da shi. A littafi ƙaramin cokali mililita 5 ne, babba 15, a Ostireliya ma babban 20 ne. Amma cokulan gida kamar mudun kasuwa suke, na wannan gari daban da na wancan. A 2015 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta nemi a riƙa rubuta maganin ruwa na yara da mililita kaɗai, a kuma auna da sirinji marar allura ko ɗan kofin da ke da zane. Idan tsohuwar takarda ta zo da cokali, a nemi izinin mai ita a sa mililita.

Saura tambayar da masu fassara kan yi gardama a kai: a bar tsohuwar lambar kusa da sabuwa, ko a share ta? Amsar tana ga mai karatu. Bahaushiyar da ke zaune a Amurka, tamomitarta Faranhait take nunawa, likitanta ma da laba yake yi mata magana. Idan aka mayar mata da komai kilo da Salshiyas an cuce ta, gara a bar mata na asali, a ƙara ɗayan idan da buƙata. Wadda ke Zariya kuma ba ruwanta da laba, jera mata lambobi biyu a layi ɗaya na teburin magani ƙofar ruɗani ce, ido na iya ɗaukar 24 a wurin 11. A zafin jiki dai na fi son a bar duka biyun, domin tamomita ta zamani da ake sayarwa a kemis takan zo da ma'aunan biyu, wani lokaci a kunna ta a tarar tana nuna 99. Babu ɗan Adam mai rai da ke da digiri 99 na Salshiyas, a dubi ƙaramin harafin da ke gefen lambar, F ne ko C.

Ko wace lamba aka zaɓa, alamarta ta bi ta a kowane layi, kada a dogara da kan teburi kaɗai, don hoton da za a tura wa 'yar'uwa a waya yana iya yanke kan. Rabin mililita a rubuta 0.5 da sifilinsa a gaba, kada ɗigon ya ɓace a karanta 5. Mililita biyar kuma a rubuta 5, ba 5.0 ba, wanda kan koma 50 idan tawada ta dusashe. Takardar da za ta tsallaka Nijar ko Chadi tana da ƙarin aiki, domin a can tsarin Faransanci ake bi, da waƙafi ake rubuta 38,5 inda ɗan Nijeriya zai sa ɗigo. Miligiram dubu ɗaya da aka rubuta 1,000 a Katsina, ma'aikacin lafiya a Maraɗi na iya karanta shi miligiram ɗaya. A irin wannan takarda a rubuta 1000 ba waƙafi ba ɗigo, kowane ɓangare zai karanta shi daidai.